Bakin Buhu da Wuyan Kwalba: Inda Asirin Jabun Kayan Dabbobi Ke Tonuwa

Wata maƙwabciyarmu tana da kajin ƙwai 400 a bayan gidanta. Kullum sukan ci abinci wajen kilo 46, wato buhu biyu ba kaɗan, tunda kazar da ke kan ƙwai tana cin kimanin giram 115 a yini. Takan kwashe kiret 11, wata rana har da 'yan ƙwayaye a kai. A cikin kwana goma sai abin ya sauko zuwa kiret takwas, ɓawon ƙwan ya yi laushi, wasu ma a ƙasa ake tsintar su a fashe. Ba mura, ba zawo, ba kazar da ta mutu. Ta sayi maganin ƙarin kuzari ta zuba a ruwa, shiru.

Da likitan dabbobi ya zo, bai daɗe a kan kajin ba. Ya ce, "Hajiya, a kawo mini buhun da kike ba su yanzu, a kuma nemo mini tsohon buhu na watan jiya, ko da wofi ne." Aka shimfiɗa su gefe da gefe a tsakar gida. Suna ɗaya, hoton kaza ɗaya, launi ɗaya. Sai ya ɗaga bakin sabon buhun ya saita shi da rana. A ƙasan ɗinkin da ke riƙe da buhun, ga wani layi na ƙananan huji a jere, babu zare a cikinsu.

Buhun na kamfani ne, babu shakka. Abin da ke ciki ne ba nasu ba.

Na daɗe ina tunanin wannan rana, domin ta nuna mini kuskuren da yawancinmu ke yi. Mukan ɗauki kwalba ko buhu guda ɗaya, mu jujjuya shi, mu ga hoto ya fito da kyau, mu ce na gaske ne. Alhali ido ba ya gane jabu a kaya guda. Sai an ajiye shi kusa da wanda aka tabbatar da asalinsa sannan bambancin ke fitowa. Saboda haka matakin farko ba a kasuwa yake ba, a gida yake: duk lokacin da ka sayi magani ko abinci daga wakilin kamfani da ka amince da shi, kuma ya yi aiki, ka adana kwali ɗaya, kwalba ɗaya, buhu ɗaya. Shi ne ma'auninka.

Masu jabu hanya biyu suke bi, kuma kowace da inda take barin sawu. Wasu sukan buga sabon mazubi mai kama da na kamfani. Waɗannan bugun rubutu ne ke tona su. Wasu kuma sukan sayi mazubin gaske da aka riga aka yi amfani da shi, su cika shi da nasu. Waɗannan ba za ka kama su a rubutu ba, sai a wurin rufewa. Mai abincin kaji ya fi haɗuwa da na biyu, don buhun wofi yana da araha kuma ko'ina ana sayar da shi.

Ɗinkin buhu

A masana'anta, buhu yana tafiya ne a kan bel, ya ratsa ƙarƙashin keken ɗinki da ke kafe wuri guda. Shi ya sa layin ɗinkin ke fita a miƙe, tazarar da ke tsakanin sukar allura da ta gaba iri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma nisan ɗinkin daga leɓen buhu kusan ɗaya ne a duk buhunan da aka yi tare. Wanda ya sake cika buhu a ɗaki da keken hannu yake ɗinkewa, hannu kuwa yana rawa: layin zai ɗan hau, ya ɗan sauka. Amma a yi adalci. Ƙananan masu haɗa abinci na halal da yawa su ma keken hannu gare su, don haka karkataccen ɗinki shi kaɗai ba hujja ba ne. Ya zama abin tambaya ne idan ka san buhunan wannan kamfanin a miƙe suke zuwa. Haka nan yadda zare ke warwarewa gaba ɗaya idan an ja bakinsa ba shaidar asali ba ce, duka kekunan biyu irin wannan ɗinkin suke yi.

Tsoffin huji su ne babbar shaida, kuma masu wannan sana'a sun sani. Don haka wasu sukan yanke leɓen buhun, su zubar da inda tsohon ɗinkin yake. A nan tsohon buhunka zai yi maka amfani. Auna da yatsu daga saman tambarin kamfani zuwa layin ɗinki a kan buhunan biyu. Idan a naka yatsu shida ne, a sabon kuma uku, an rage wa buhun tsawo. Duba leɓen kansa: yankan masana'anta yakan zo a kame, ko a naɗe, na almakashi kuwa zaren robar ya kan bubbuɗe kamar gezar tabarma. Buhun da aka rage wa tsawo kuma ba ya iya ɗaukar kilo 25 cikin sauƙi, sai ka gan shi ko dai a cike tam har ɗinki na neman ɓallewa, ko kuwa bai kai nauyi ba. Na Hajiya da aka ɗora a sikeli kilo 23 da rabi ya nuna.

Sai zaren da takardar. Kamfanoni da dama suna da launin zaren da suka saba da shi, wasu suna haɗa launi biyu, wasu suna ɗora kyalle ko takarda a kan bakin kafin allura ta bi. Da yawa kuma suna cusa 'yar takarda a cikin ɗinkin, mai ɗauke da nau'in abincin, ranar da aka haɗa shi, lambar rukuni, da adadin furotin da sauran sinadarai. Wannan takarda sau ɗaya allura ke ratsa ta. Idan ka ga huji layi biyu a jikinta, daga wani buhun aka ciro ta. Idan babu ita sam, alhali tsohon buhunka yana da ita, ka tambayi dalili kafin ka biya.

Jikin buhun ma yana magana. Wanda aka taɓa zazzagewa aka ninke yana da karayar ninki, hotonsa ya ɗan goge a kusurwoyi, wani lokaci da tabon kashin kaji a gindinsa. Abinci sabo a buhu mai tsohuwar fuska ba su dace da juna ba.

Da likitan ya gama da buhu, ya sa aka kawo kwalabe biyu masu haske da ruwa a ciki. Ya zuba cikin tafin hannu na sabon abincin a ɗaya, ya zuba daidai wannan na ragowar tsohon a ɗayar, ya girgiza, ya bar su suka kwanta. A ta sabon, buntun shinkafa ya taso ya rufe saman ruwa, masara kaɗan ce. A gindin kowace kwalba akwai wani abu mai nauyi kamar tsakuwa, Hajiya ta ce, "To Likita, ai ga yashi a duka biyun." Ya ce a'a. Abincin kajin ƙwai dole ne ya ƙunshi farar ƙasa ko ɓawon kawa, domin kaza na buƙatar sinadarin kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100 na abincinta don ta yi ɓawon ƙwai. Ya tsiyaye ruwan, ya matsa lemun tsami a kan kowane. Na tsohon ya yi 'yan kumfa, na sabon ko motsi bai yi ba. Farar ƙasa tana kumfa da tsami, yashi ba ya yi. Ga dalilin laushin ɓawo, ga dalilin raguwar ƙwai: kajin suna cika ciki da ƙaiƙayi da rairayi.

Bugun rubutu

A ɓangaren magani, bari mu ɗauki wanda makiyayi ba ya rabuwa da shi: maganin sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Sinadarai biyu aka fi dogara da su, diminazin mai launin rawaya da isometamidiyam mai launin ja mai duhu. Tun shekarun 1950 da 1960 ake amfani da su, har yau ba a sami sabon da ya gaje su a kasuwa ba. A ranar kasuwa a manyan kara irin su Maigatari, Potiskum ko Illela, za ka ga fakitinsu kala-kala a kan tebura, wasu da Turanci, wasu da Faransanci. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka auna samfuransa a ɗakin gwaji a Dakar, ya gano cewa wajen rabin magungunan sammore da aka tattaro daga wasu ƙasashen Afirka ta Yamma ba su cika ƙa'ida ba.

Ƙaramin fakitin diminazin nauyin garinsa giram 2.36 ne, kuma giram 1.05 a ciki ne ainihin maganin. Ana narka shi a ruwa mililita 12.5, ya ba da mililita 15, wanda ya ishi sa mai kilo 300. Idan rabin maganin ne kawai a ciki, san zai ɗan farfaɗo, mai shi ya yi murna, bayan 'yan makonni cutar ta dawo. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai, su ƙudan zai ɗauka ya kai wa garken maƙwabta. Da haka magani na gaske ma yake daina ci a yanki guda.

Mai kwaikwayon fakiti ba shi da ainihin zanen da kamfani ya bai wa maɗaba'a. Hoton fakitin gaske yake ɗauka ya sake bugawa. Manyan haruffa da hoton saniya za su fito lafiya, don haka kada ka ɓata lokaci a kansu. Je ka wurin rubutu mafi ƙanƙanta: adireshin masana'anta, yadda ake auna magani, kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka dabba. Ɗauki hotonsa da waya ka buɗa shi sosai, ka yi haka ga na asalin. A na gaske bakin kowane harafi a yanke yake tsaf. A na kwaikwayo haruffa sukan yi kauri, cikinsu ya cushe, gefensu ya yi gashi-gashi. Duba kuma inda launi biyu suka haɗu. Injin bugu launi ɗaya-ɗaya yake ɗorawa, idan saitin bai yi daidai ba sai ka ga siririn farin layi tsakanin ja da kore, ko wata inuwa a gefen harafi. Kuskuren rubutu, harafi ya faɗi ko biyu sun yi musanyar wuri, yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma ba sai ka iya Turanci ba kafin ka kama shi. Bi layi-layi da yatsa a kan fakitin biyu.

Akwai abu guda da na fi so kowa ya riƙe. Lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa, waɗanda ake gani kusa da haruffan BN, MFG da EXP, ba tare da sauran zanen ake buga su ba. Kamfani yakan buga fakiti dubbai a ajiye, sai ranar da aka cika su wani inji daban ya ɗora waɗannan lambobi, ko da ɗige-ɗigen tawada, ko da hatimi, ko ya danna su su lotsa a gefen da aka liƙe. Shi ya sa kamanninsu ya bambanta da sauran rubutun, kuma wurin zamansu yakan ɗan gusa daga fakiti zuwa fakiti. Idan ka ga lambar sumul take, tawadarta iri ɗaya da ta hoton, tana zaune daidai wuri guda a kowane fakiti, akwai alamar tare da hoton aka kwafe ta. Sannan lambar da ke jikin kwali dole ta zama ita ce a jikin fakiti ko kwalbar da ke ciki. Buɗe kwalin a gaban mai shago ka gwada. Wannan minti ɗaya ne.

Wani salon shi ne sabunta maganin da ya lalace. Ana goge tsohuwar rana da sinadari a buga sabuwa, ko a manna 'yar takarda a kai. Karkata kwalin a haske: wurin da aka goge ya rasa sheƙinsa, ya yi dishi-dishi kamar tabo.

Game da lambar rajista kuwa, a Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magungunan dabbobi da abincinsu rajista. Maganin da ba shi da lambarta a bar shi. Amma ganin lambar bai wadatar ba, don wanda ya kwafi hoton saniya zai kwafi lamba. Amfaninta shi ne a bincika ta a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook, a ga ko sunan magani, ƙarfinsa da kamfaninsa sun yi daidai da abin da ke hannu. Lambar da ta fito da sunan wani magani daban ta gama ba ka amsa. A Nijar kuma izinin sayar da maganin dabbobi yana bin tsarin bai-ɗaya na ƙasashen UEMOA, ana nuna shi da haruffan AMM, don haka fakitin da ya tsallako iyaka ba lallai jabu ne ba, sai dai ba ka da wanda za ka kama a wannan gefen idan ya ƙi aiki. Tambari mai ƙyalƙyali kuma kada ya ruɗe ka. Na gaske hotonsa yana canzawa idan ka juya shi, ƙyalli kawai kowa na iya sayowa ya manna.

Liƙin fakitin shi ma a gwada shi da na asali. Injin masana'anta yana barin zane mai tsari a gefen, layi-layi ko raga-raga, faɗinsa ɗaya a ko'ina. Liƙin injin leda na kasuwa siriri ne, sumul, wani wuri ya ƙone, wani wuri bai kama ba. Girgiza fakitin kusa da kunne: garin ya kamata ya yi motsi sako-sako. Idan ya dunƙule, danshi ya shiga.

Wuyan kwalba

Kwalbar allura tana da rufi uku: toshin roba, zoben alminiyam da ya matse shi, da 'yar hular roba mai tauri a sama. Mai sake cika kwalba sai ya ratsa ɗaya daga cikinsu. Zoben masana'anta a lanƙwashe yake sumul a ƙarƙashin leɓen kwalba, zagaye ɗaya. Wanda aka buɗe aka mayar da filaya yana da tamoji da sawun haƙori, yakan kuma yi girgiɗi idan ka taɓa shi. Hular sama an yi ta ne don in ta fita kada ta koma. In ka ga ta zauna a karkace ko da alamar gam, an taɓa cire ta. Idan ka ɓalle ta a gida, duba tsakiyar toshin kafin ka soka allurarka, ka ɗan danna shi da farce. Tsohon huji zai buɗe baki.

Jera kwalabe biyar ko shida daga kwali ɗaya a kan tebur. Inji ne ke cika su, don haka ruwan ya kamata ya tsaya a layi ɗaya, launinsa ɗaya. Oksitetarasaikilin mai dogon aiki, wanda makiyaya ke kira LA, ƙarfinsa kashi 20 cikin 100 ne, ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 10. Akwai kuma mai kashi 5, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. Idan aka manna wa mai kashi 5 takardar LA, dabbarka rubu'in abin da take buƙata ta samu. Mai kashi 20 ya fi kauri. Kifa kwalbar da kake shakka tare da ta asali a lokaci guda, ka ga yadda kumfar iska ke hawa a kowace: a ruwa mai kauri a hankali take tafiya. Wanda ya yi baƙi sosai ko yake da gari a gindi, ko na gaske ne ya lalace, zafi da iska sun taɓa shi.

Inda ido ke tsayawa

Duk wannan dubawa tana da iyaka, kuma ba daidai ba ne in ɓoye ta. Kamfanoni sukan sauya fakiti, su sauya zare, su koma wata maɗaba'a. Bambanci tambaya ce, ba hukunci ba. Kafin ka kira ɗan kasuwa maha'inci a bainar jama'a, kira wakilin kamfanin ka karanta masa lambar rukuni. Sau da yawa shi mai shagon ma yaudararsa aka yi. A ɗaya gefen kuma, akwai maganin da mazubinsa ba shi da aibi ko ɗaya amma sinadarin ciki bai kai ba, wannan sai ɗakin gwaji. Rigakafi ya fi kowa wannan matsala. Kwalbar da ta fito daga cibiyar Vom ta jihar Filato, wadda ke wannan aiki tun 1924, ta gaske ce, amma idan ta yini a rana maimakon sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da ke ciki ya mutu, takardarta kuwa tana nan fes. Kuma ba duk rashin warkewa ne laifin magani ba: ana kuskuren gane cuta, ana kuma raina nauyin sa a ba shi abin da bai kai ba.

Idan zargi ya yi ƙarfi, a daina amfani da kayan nan take. A ajiye wanda ba a buɗe ba, domin shi hukuma za ta iya aunawa, a haɗa da rasit mai ɗauke da lambar rukuni, a kai wa ofishin NAFDAC na jiha ko sashen kula da dabbobi. Saboda haka rasit ɗin da ya ce "abincin kaji buhu 20" kawai bai isa ba, a roƙi mai shago ya rubuta lambar.

Hajiya ta mayar da buhu 12 da suka rage, ta koma sayen kaya wurin wakilin kamfani kai tsaye. Ɓawon ƙwai ya yi ƙwari cikin mako guda, amma sai da aka kusa wata kafin kiret ya koma 11. Da muke lissafin asarar, sai ta yi shiru, ta ce, "Ka san duk ƙarshen wata akwai yaron da ke zuwa sayen buhunan wofi? Ya fi son waɗanda ba su yage ba, har ƙarin kuɗi yake ba ni a kansu." Mafi yawan masu sayen buhu hatsi ko gawayi za su zuba, ba su damu da hoto ba. Wanda ya nace sai mai tsabtar fuska da cikakken leɓe, shi ne abin lura. Ga kuma hatsarin cuta, don buhun da ya kwana a wata gona yana iya ɗauko murar tsuntsaye, wadda muke fama da ita tun ɓullarta a jihar Kaduna a 2006. Yanzu kafin buhu ya bar gidanta sai ta yanke leɓensa, ta yage 'yar takardar, ta ja wuƙa a kan tambarin. Kwalaben allura kuma ana ɓanɓare takardarsu, a cire zoben, a fasa su a binne. Buhu ɗaya tak take bari lafiyayye, yana rataye a ƙusa a ƙofar sito, kuma duk motar abinci da ta zo, yaronta yakan sauko da shi kafin a fara sauke kaya.